Yadda za ki zaɓi tsayi da fasalin takalmi mai tsini don biki

Akwai matan da ba su da zaɓi a kan sa takalmi mai tudu ranar biki. Amarya ce, ko babbar ƙawa, ko ƙanwar ango da aka ɗinka wa anko mai jan ƙasa, ko kuwa ƙawayen ne suka yanke shawarar kowa ta zo da mai tsini don hoto ya daidaita. Da su nake magana. Abin da ke ɓata wa yawancinsu dare shi ne sun fara daga shago: an ga takalmi ya yi kyau a kan kanta, an sa ƙafa ɗaya a zaune, an biya kuɗi. Zaɓin da ke kai mutum ƙarshen taro lafiya daga gida yake farawa, da sanin inda za a taka da tsawon lokacin da za a yi a tsaye. Shago shi ne kusan na ƙarshe, tela kuma bayansa.

Mataki na farko: ki san ƙasan da za ki taka da awannin da za ki yi a tsaye

Ki ɗauki jerin shagulgulan ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Kamu a tsakar gida za a yi ko a zauren taro? Dina a kan tayil ce, ko a fili mai ciyawa, ko a harabar da aka shimfiɗa wa intalok? Gidan amarya mota na kaiwa har ƙofa, ko sai an sauka an taka lungu? Kowanne daga cikin waɗannan yana da irin dunduniyar da yake karɓa. Siririn tsini yana nutsewa a ciyawa da rairayi, yana maƙalewa a tsakanin intalok, yana kuma kama bakin kafet ɗin da aka shimfiɗa ba a manne ba. Tayil mai sheƙi ba ya cin tsini, amma da zarar lemo ko ruwa ya zube a kansa ya zama santsi, kuma a dina ba a rasa mai zubarwa.

Sannan ki ƙiyasta tsayuwa, ba tsawon taron ba. Baƙuwar da za ta shigo ta zauna, ta tashi sau biyu ta yi liƙi ta koma, ba ta cika yin awa ɗaya a tsaye ba ko da taron ya kai awa biyar. Babbar ƙawa kuwa, wadda ke tarbar baƙi, ta riƙe jakar amarya, ta tattara kuɗin liƙi, ta koma mota ɗauko abin da aka manta, tana iya kwashe mafi yawan taron ba ta zauna ba. Waɗannan mata biyu ba takalmi ɗaya ya kamace su ba ko da lambar ƙafarsu ɗaya ce. Kuma tsayuwa cik a wuri ɗaya, kamar lokacin ɗaukar hoto, ta fi tafiya gajiyar da ƙafa, domin nauyi yana zaune a kan wuri ɗaya ba ya sauka.

Mataki na biyu: ki iya auna tsayin gaskiya

Nan ne ake yawan ruɗewa, don haka zan ɗan daɗe a kai. Takalmi yana da tsayi iri biyu. Akwai tsayin dunduniya daga ƙasa zuwa inda diddigenki zai zauna, wanda shi ne mai shago zai faɗa miki. Akwai kuma tudun da ke ƙarƙashin yatsu, a gaba. Abin da ƙafarki ke ji shi ne bambancin da ke tsakanin su biyun. Takalmi mai dunduniya inci 4 da tudun gaba inci 1, ƙafa za ta ji shi kamar inci 3. Wanda dunduniyarsa inci 4 ce amma gabansa siriri ne kamar takarda, inci 4 ɗin nan cif za ki ɗauka.

Ki je kasuwa da tef ɗin tela a jaka. Ki aza takalmin a kan shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, ki auna dunduniyar ta gefe, daga ƙasa zuwa inda ta haɗu da jikin takalmin, sai ki auna kaurin gaban, ki cire na biyu daga na farko. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, saboda haka idan an rubuta santimita 10 a jikin kwali, kusan inci 4 ke nan, santimita 7.5 kuma kusan inci 3.

Dalilin da ya sa wannan lissafi ya fi komai shi ne yadda nauyi ke rabuwa. Idan kina tsaye ba takalmi, diddige ne ke ɗaukar kaso mai tsoka na nauyin jiki. Duk yadda aka ɗaga diddige, haka nauyin ke gangarowa gaba ya taru a gindin yatsu, a kan waɗancan ƙananan ƙasusuwan da ba a halicce su don ɗaukar jiki duka na tsawon awanni ba. Zafin da mata ke ji kamar an sa garwashi a tafin ƙafa daga nan yake fitowa. Ƙungiyar likitocin ƙafa ta Amurka tana ba da shawarar kada dunduniya ta wuce inci 2. Na san a biki ba kowa za ta tsaya a nan ba, amma ki riƙe shi a matsayin ma'auni: daga inci 2 zuwa ƙasa yawancin mata za su iya wuni, tsakanin inci 2 da 3 sai da dabara da hutu, abin da ya haura 3 kuwa na mai shigowa ta zauna ne.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Tsayi ɗaya ba gangara ɗaya yake yi wa kowace ƙafa ba. Mai sa lamba 37 tazarar da ke tsakanin diddigenta da gindin yatsunta gajera ce, don haka inci 4 zai miƙar da ƙafarta tsaye sosai. Mai sa lamba 41 tana da tazara mai tsawo, inci 4 ɗin zai kwanta mata a hankali. Shi ya sa za ki ga ƙawarki mai doguwar ƙafa tana rawa da takalmin da ke ko minti goma ba za ki iya yi da shi ba. Ba juriya ta fi ki ba. Idan ƙafarki ƙarama ce, ki rage aƙalla rabin inci daga abin da ƙawaye suka tsayar, ki nemi tsayin ta hanyar tudun gaba.

Sai dai tudun gaban ma yana da iyaka. Idan ya wuce inci ɗaya ko ɗaya da rabi, ƙafa ta daina jin ƙasa, takalmin ba ya lanƙwasa, kuma in kika gurɗe daga sama za ki faɗo, targaɗen ya fi muni. Rabin inci zuwa inci ɗaya shi ne inda amfaninsa ya fi illarsa yawa.

Mataki na uku: ki gwada iyakar ƙafarki

Kowace ƙafa tana da inda idon sawu ke tsayawa ba ya ƙara miƙewa. Ga yadda za ki gane ko takalmi ya kai ki can. Ki sa duka biyun, ki miƙe tsaye, gwiwoyi a miƙe, sai ki yi ɗage a kan yatsu. Idan diddigenki ya iya tashi ya bar dunduniyar takalmin ta ɗaga daga ƙasa da kamar inci ɗaya, akwai sauran wuri, za ki iya tafiya da shi. Idan kin yi ɗagen amma babu abin da ya motsa, takalmin ya cinye duk miƙewar da idon sawunki ke da ita. Da irinsa ne ake ganin mace tana tafiya gwiwa a tanƙware, ƙugu ya koma baya, tana taku ƙanana kamar mai tsoron ƙasa. Hoto ba ya ɓoye wannan, bidiyo kuwa ba a magana.

Bayan haka ki tsaya a gaban madubi ta gefe. Gwiwa ta miƙe ba tare da kin tilasta ta ba? Ƙugunki bai lanƙwashe ya turo ciki gaba ba? Sai ki ɗaga ƙafa ɗaya ki ƙirga zuwa goma. Idan idon sawun da ke ƙasa yana rawa hagu da dama tun yanzu da ba ki gaji ba, ki yi tunanin yadda zai zama bayan awa uku.

Mataki na huɗu: fasalin dunduniya

Siririn tsini shi ne ya fi kyau a hoto, ba na musu. Amma duk nauyin bayan jiki a kan wurin da bai kai kan ɗan yatsa faɗi ba yake sauka, saboda haka jijiyoyin idon sawu da sha raɓa ba sa hutawa, kullum suna aikin tsayar da ke. Wurinsa zaure mai daɓe sumul, da taron da zama ya fi yawa a cikinsa.

Mai faɗin dunduniya, wanda masu shago ke kira bulok, shi na fi ba mai hidima shawara. Ba ya nutsewa, ba ya shiga tsakanin intalok, kuma idon sawu yana samun sauƙi. Sai dai kada faɗin ya yaudare ki. Faɗi yana hana tangaɗi ne kawai, ba ya rage gangara. Bulok mai inci 4 yana tura nauyi gindin yatsu kamar yadda tsini mai inci 4 ke yi. Har ma wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2001 ya nuna cewa takalmi mai faɗin dunduniya yana ɗora wa gwiwa nauyi daidai da mai siriri, ko ma ya ɗan fi. Haɗarinsa shi ne mace tana jin daɗinsa sai ta zaɓi wanda ya fi tsayi, ta kuma daɗe a cikinsa.

Wanda tudunsa ya haɗe daga baya har gaba babu rami a tsakiya, wato wej, shi ne sarkin ciyawa da rairayi, yana kuma tallafar tsakiyar tafin ƙafa. Aibinsa biyu ne: nauyi, da rashin lanƙwasa. Ki ɗaga shi a hannu kafin ki saya. In ya yi miki nauyi a hannu, a ƙafa sai ya ninka. Ki kuma juya ki duba ƙasansa, domin wasu ana sirantar da su ta baya don ado har faɗin ya tashi a banza. Akwai kuma gajeren tsini mai inci ɗaya da rabi zuwa biyu, wanda iyaye mata suka fi so. Yana da sauƙi ga gindin yatsu, amma tunda bakinsa siriri ne, matsalarsa da ciyawa da intalok tana nan.

Duk fasalin da kika zaɓa, ki duba inda aka dasa dunduniyar. Ki kalli takalmin ta gefe. Ya kamata ƙasan dunduniyar ya sauka daidai ƙarƙashin tsakiyar diddige. Idan an kai ta can ƙarshen baya, duk taku sai kin ji kamar tsakiyar takalmin zai lotsa, kuma irin wannan ne ke karyewa. Sai ki aza shi a kan tebur ki ɗan taɓa shi da yatsa ta gefe. Mai kyau zai tsaya daram. Wanda ya yi ta lilo shi kaɗai babu kowa a ciki ba zai gyaru ba don kin shiga. A ƙarshe ki riƙe gaba da baya ki gwada lanƙwasa shi. A gindin yatsu kaɗai ya kamata ya ba da kai. Akwai ƙarfe a cikin tsakiyar takalmi mai tsini wanda ke riƙe da gangarar. Idan tsakiyar ta tanƙware ko ta murɗe a hannunki, ƙarfen ba shi da ƙarfi, ki ajiye ko nawa aka rage miki.

Mataki na biyar: abin da ke riƙe ƙafa a ciki

Tsayi da fasali na iya yin daidai amma saman takalmin ya ɓata komai. A biki an fi son wanda ake zura ƙafa kawai babu igiya a baya, saboda ana yawan cirewa: za a shiga ɗakin uwar amarya gaisuwa, za a hau kafet, za a yi alwala. Amma idan babu abin da ya riƙe diddige, yatsu ne ke damƙe takalmin a kowane taku don kada ya fice, kuma wannan damƙar ce ke kawo ɗaurewar jijiya a tafin ƙafa can cikin dare. In dole sai irinsa, ki zaɓi wanda fatar samansa ta rufe bayan ƙafa sosai har kusa da idon sawu, tsayinsa kuma kada ya wuce inci 2. Abin da ya fi haka tsayi yana son igiya a idon sawu. Ki nemi mai maɗauri da ake saƙalawa a cire cikin sauƙi, ba wanda sai kin durƙusa cikin matsattsen siket kina neman ƙaramin rami ba.

Sai bakin takalmin. Gangara tana zamar da ƙafa gaba, in bakin mai tsini ne sai yatsu su cushe a ciki. Babban yatsa ya karkata ciki, ƙaramin ya goge da gefe. Idan kina da faɗin ƙafa, ko ƙashin gefen babban yatsanki ya fara fitowa, ki nemi mai zagayayyen baki ko buɗaɗɗe. A buɗaɗɗen ma ki tabbata yatsu ba sa leƙowa su wuce bakin idan kin tsaya. Takalmin roba mai kama da gilashi da ake yayi kuwa, a zafin bazara gumi yake tarawa, ƙafa ta riƙa zamewa a ciki, bororo ya biyo baya.

Wata aba da ba a tunawa sai an ji kunya: duwatsun ado da maɗauran ƙarfe da ke jikin takalmi suna kama leshi. Ki shafa su da gefen mayafinki a shago. In sun ja zare, haka za su yi wa bakin rigarki.

Mataki na shida: lokacin saye da yadda ake gwadawa

Ki je da yamma. Ƙafa tana ɗan kumbura a tsawon yini, kuma yawancin shagulgula da yamma ko da dare ake yin su, don haka ƙafar yamma ce za ta sa takalmin. Ki sa duka biyun, domin yawancin mutane ƙafarsu ɗaya ta ɗan fi ɗaya, babbar ake yi wa awo. Kada ki dogara da lambar da ke rubuce. Tsakanin lamba 38 da 39 kusan kashi biyu cikin uku na santimita ne kawai, kuma kamfanoni ba sa yanka iri ɗaya, ballantana a kasuwa irin ta Sabon Gari a Kano inda kaya daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa a rumfa ɗaya. Ki taka a kan daɓe mai tauri, ba a kan ɗan kafet ko kwalin da mai shago ya shimfiɗa ba. Ki tsaya cik na minti biyar kina ciniki. Duk inda ya fara matsa miki a cikin minti biyar ɗin nan, nan ne zai zama ciwo. Maganar cewa zai buɗe in an sa, fata ta gaske ce ke ɗan buɗewa ta faɗi. Roba da fatar kanti ba sa buɗewa yadda za ki ji sauƙi, kuma babu takalmin da ke ƙara tsawo.

Mataki na bakwai: takalmi kafin tela

Wannan shi ne inda lissafin ya juya. Ƙafa tsayin gaskiya take ji, wato bayan an cire tudun gaba, amma riga cikakken tsayin dunduniya take bi. Idan tela ya yanke bakin siket a kan takalmi mai inci 4, kika gaji kika koma silifas, inci 4 ɗin nan na yadi zai kwanta a ƙasa, ki riƙa takawa, wasu ma su taka miki. Shi ya sa mata da yawa ke daurewa da azaba har a tashi: ba takalmin ne ya hana su cirewa ba, rigar ce.

Saboda haka ki sayi takalmin tukuna, ki je da shi wurin awo, ki ce a bar bakin rigar ya tashi daga ƙasa da kamar faɗin yatsa ɗaya. In siket ɗin mai matse gwiwa ne ya buɗe a ƙasa, ki sani ya riga ya rage miki faɗin taku, in aka haɗa da dogon tsini hawa matakala da shiga mota za su zama aiki. Takalmin canji kuma, wanda za ki sa in ƙafa ta gaji, kada ya zama shafaffe. Ki nemi wanda cikakken tsayinsa bai gaza na farkon da fiye da inci ɗaya ba, amma gangararsa ƙarama ce, kamar wej mai tudun gaba.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce babbar ƙawar amarya ce, lambar ƙafarta 38, ba ta saba da tsini ba sai jefi-jefi. Akwai kamu ranar Alhamis a harabar gida mai intalok, dina ranar Juma'a a zaure mai tayil, sai kai amarya ranar Asabar da dare, a unguwar da motar ba ta kaiwa ƙofa. Ta sami takalma uku da suka shiga da ankon. Na farko siririn tsini ne inci 4, gabansa babu tudu. Na biyu bulok ne inci 3 da rabi, tudun gabansa inci 1, da igiya a idon sawu. Na uku wej ne inci 3, gabansa inci 1.

In aka cire tudun gaba, na farko ya tsaya a inci 4, na biyu ya koma 2 da rabi, na uku ya koma 2. Ka ga a ido bambancin na farko da na biyu rabin inci ne kacal, amma a ƙafa inci ɗaya da rabi ne. Ta yi gwajin ɗage: a na farko diddigenta bai motsa ba, a sauran biyun ya tashi. Na farko ya fita ke nan, ko ba don intalok ba. Sai ta kai na biyu wurin tela aka yanke rigar dina a kan inci 3 da rabi. Ranar dina ta shiga da shi, aka yi hotuna da shigowar amarya, da aka zo rawa da tattara liƙi ta koma na uku. Rigar ta sauka da rabin inci kawai, wanda bai kai ta ja ƙasa ba tunda an bar mata faɗin yatsa. Ranar kamu wej ɗin ta sa tun farko, domin washegari akwai dina kuma ƙafar da ta wahala yau ba ta warwarewa kafin gobe. Ranar kai amarya kuwa, lungu ne da duhu da kwata, ga kaya a hannu, sai ta sa atamfar da aka ɗinka daidai idon sawu da takalmi shafaffe. Babu mai duba ƙafar kowa a wannan daren.

Kwanakin da suka rage kafin biki

Kada ranar biki ta zama ranar farko da takalmin zai daɗe a ƙafarki. Tun saura mako biyu ki riƙa sa shi a gida, rabin awa yau, awa ɗaya jibi, kina yin aikin da ake yi a tsaye. Duk inda fata ta yi ja bayan kin cire, ki lura da wurin, ranar biki ki manna filasta a nan tun kafin ki sa takalmin, ba bayan bororo ya tashi ba. In ƙasan sabon takalmin sulɓi gare shi, ki goga shi a kan siminti mai kaushi, ko ki kai wa shumeka ya manna siririyar roba. In tsoho ne za ki maimaita, ki juya ki duba 'yar robar da ke bakin tsinin. Idan ta cinye har ƙusa ta leƙo, za ki ji ƙarar ƙarfe a kan tayil, kuma ƙarfe a kan tayil zamewa yake yi. Canza ta aikin 'yan mintuna ne a wurin shumeka. Akwai kuma ɗan matashi mai laushi da ake mannawa a ciki daidai gindin yatsu. Yana taimakawa, amma yana cin wuri, don haka a takalmin da ya riga ya matse ƙara matsi zai yi.

Bayan an cire lalle ana son shafa mai don ya yi sheƙi. Ki shafa a bayan ƙafa, ki bar tafin da tsakanin yatsu a bushe, in ba haka ba ƙafar za ta yi ta sulalewa gaba duk yadda igiyar ta kama. Haka in kin yi alwala a wurin taro, ki goge ƙafar ta bushe sarai kafin ki mayar, domin jiƙaƙƙiyar fata ta fi saurin salewa. A lokacin hunturu, mai faso ta fara gyaran diddige tun da wuri, don igiyar baya tana zama daidai kan tsagar. A wurin taron, duk lokacin da kika sami kujera ki zauna ki juya idon sawu a ƙarƙashin tebur. In takalmin rufaffe ne kuma ya ɗan kama ki, ki yi hattara da cire shi gaba ɗaya a tsakiyar taro, domin kumburarriyar ƙafa in ta fita ba lallai ta yarda ta koma ba. In ke za ki tuƙa mota, ki tuƙa da shafaffe ki canza a bakin zaure.

Inda ya kamata a haƙura

Gajiya da ɗan zafi a gindin yatsu da ke wucewa kafin safiya abu ne da aka saba. Abin da ba a dauriya a kansa shi ne yatsu su mutu ki daina jin su, ko ki ji kamar akwai tsakuwa a ƙarƙashin tafin ƙafa tare da zafi mai harbawa zuwa yatsa na uku da na huɗu. Wannan alama ce ta jijiya da ƙasusuwa suka matse, ki cire takalmin nan take, in kuma ya ci gaba kwanaki bayan biki ki je asibiti. Mai ciwon suga ta fi kowa bukatar taka-tsantsan, domin ciwon kan rage jin ƙafa har takalmi ya yi mata rauni ba ta sani ba, raunin kuma ya ƙi warkewa da wuri. Mai juna biyu, musamman in cikin ya tsufa, nauyinta ya koma gaba kuma gaɓoɓinta sun yi laushi, faɗuwa ta fi mata sauƙi. Haka wadda ta yi targaɗe a idon sawu cikin watannin baya, da mai ciwon gwiwa. Waɗannan su tsaya a inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi mai faɗin dunduniya, su gaya wa tela tun ranar awo ya yanke rigar a kan wannan tsayin.